Magini ya dakatar da aiki saboda zanena

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Garwa, bara na gama karatun zanen gini a makarantar fasaha. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ba ni zanen benen da yake ginawa, kuma shi ne aikina na farko. An kai ga kafa katakon dal, wato kankaren daɓen sama, sai dattijon magini ya tsayar da aiki, ya ce duk mai hawa matakalar nan zai buga goshi, kuma takarduna ba su gaya masa komai a kan haka ba. Na duba filan sau da yawa ban ga kuskure ba, kuma na yi kup guda, wato zanen gidan a yanke a tsaye, wanda ya ratsa falo da ɗakin kwana. Kawu yana zargin magini da neman ƙarin kuɗi, ya ce in zo ranar Asabar in ƙaryata shi a gaban leburori. Kwana uku ke nan ba na samun barci. Ga zanen na haɗo. Wa ke da gaskiya, kuma yaya ake sanin inda za a yanka kup?

Ɗanku, daga Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Na shimfiɗa takardunka a kan tebur bayan sallar isha'i, na bi su da rula da fensir har dare ya yi nisa, kuma gara in faɗa maka tun da fari domin kada ka je wurin aikin da shirin gardama: dattijon nan yana da gaskiya. Na san maganar za ta yi maka nauyi, domin kana so kawunka ya ga amfanin ɗawainiyar da ya yi da kai. Amma ka kwantar da hankalinka, hannunka yana da tsabta, awon ɗakunanka duk sun haɗu, kuma ba a zuba ko bokiti ɗaya na kankare a kan katakon nan ba tukuna. Abin da ya sa ka yi ta duba filan ba ka ga komai ba shi ne, kuskuren yana zaune a wani wuri da filan ba ya iya kaiwa.

Ka tuna abin da filan yake tun asali. Shi ma yanka ne, sai dai a kwance: ana ɗauka an yanke gidan a tsayin kusan mita ɗaya daga daɓe, an ɗauke na sama, an leƙa ƙasa. Saboda haka yana ba ka tsawo da faɗi, da kaurin bango, da inda ƙofa da taga suke, amma duk abin da ke sama da wurin yankan sai dai a nuna shi da layi mai tsinke-tsinke, kuma layin nan ba ya faɗin ko abin yana tsayin mita biyu ne ko mita uku. Wanda ya leƙa rijiya daga sama ya ga faɗin bakinta, zurfinta kuwa sai igiyar guga ce za ta gaya masa. Kup shi ne yanka a tsaye, daga kan rufi har ƙarƙashin harsashi, kuma a cikinsa ne kaɗai ake ganin abin da ke bisa wani abu da ratar da ke tsakaninsu.

Dubi yadda abin ya faru a takardunka biyu. A filan na ƙasa, matakala ta tashi lafiya har wajen taki na shida, inda ka ja layin nan na karkace mai nuna cewa yanka ya ratsa ta, sauran takun kuma suka koma tsinke-tsinke. A filan na sama, ana ganin ramin da ka bari a dal domin matakala, tsawonsa mita 2 da rabi, ana ganin takun suna gangarawa har suka shige ƙarƙashin dal suka ɓace. Putur ɗin da ke riƙe bakin ramin, wanda a Najeriya ake kira bim, yana ƙarƙashin dal, don haka mai kallo daga sama ba ya ganinsa. Wurin da goshin mutum zai haɗu da putur yana tsakanin takardun nan biyu, ya fi ƙarfin ta ƙasa, ya ɓuya wa ta sama. Kowace takarda gaskiya ta faɗa, amma babu wadda ta ɗora putur a kan taki ta auna.

To bari mu auna tare, da alƙaluman da kai da kanka ka rubuta. Daga daɓen ƙasa zuwa cikin dal ka sa mita 3. Dal ɗinka irin na bulon urdi ne da aka saba yi a ƙasarmu, urdi mai santimita 16 da kankare santimita 4 a kai, jimla 20. Karo da simintin da za a ɗora shi a kai su ci santimita 4. Ke nan daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama santimita 324 ne, ka raba su taki 18, kowane taki ya tashi santimita 18, faɗin wurin sa ƙafa kuma 27. Wannan rabo mai kyau ne. Ƙa'idar da aka koya muku, wadda ake jingina wa Bafaranshen nan Blondel tun 1675, wato 2h + g, tsayin taki sau biyu a haɗa da faɗinsa, tana son jimlar ta faɗa tsakanin 60 da 64, taka kuwa ta ba da 63. Matakalar ita kanta ba ta da laifi ko kaɗan.

Yanzu ka tsaya a sama ka fara saukowa. Kowane taki yana kai ka gaba santimita 27, don haka kafin ka ci mita 2 da rabi na ramin ka iso taki na takwas in an ƙirga daga ƙasa. Taki na takwas yana tsayin santimita 144 daga daɓe, wato 18 sau takwas. Putur ɗinka mai tsayin santimita 40 ne, rabinsa yana cikin kaurin dal, rabinsa ya leƙo ƙasa, saboda haka cikinsa yana tsayin santimita 280. Cire 144 daga 280, saura 136. Ratar da ke tsakanin tafin ƙafar mai hawa da kankare ke nan, alhali abin da ake nema bai kamata ya gaza mita 2 ba, kuma ni nakan so ya ɗan haura haka. Santimita 136 tsayin yaro ne ɗan firamare. Babban mutum sai ya durƙusa, katifa ko kabad kuwa ba za su hau ba sam. Da ka yanka kup ta tsawon matakalar, da tun kafin ka gama jan layin putur idonka ya faɗa a kan wannan, domin za ka ga takun suna tafiya kai tsaye su shige cikinsa.

Kup ɗin da ka yi ya ratsa wuri mai sauƙi, inda daɓe yake shimfiɗe, dal yake shimfiɗe, babu abin da ya hau kan wani. Ba na ganin laifinka ƙwarai, domin kusan duk mai fara aikin nan hannunsa yana guje wa matakala, saboda ita ce mai cin lokaci, ga taki goma sha takwas da za a zana ɗaya bayan ɗaya, ga kuma tunanin cewa kup takarda ce kawai da ake cika fayil da ita domin neman izinin gini. Sai dai kup irin wannan abu guda ya faɗa, cewa ɗaki mita 3 ne, kuma ana iya rubuta wannan a gefen filan ba tare da an ɓata takarda ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wurin da ka ji zuciyarka ba ta son zanawa domin ba ka tabbatar da yadda abubuwa suka haɗu a can ba, nan ne ya kamata wuƙarka ta bi. Kafin ka ja layin yanka, ka zagaya filan da fensir, ka sa alama a duk inda tsayi ya canja ko wani abu ya ratsa ta saman wani, sannan ka nemi layin da zai tsinke mafi yawan alamomin nan. A gidan bene, matakala ce ke zuwa farko kullum.

Ita ma matakalar akwai yadda ake yanka ta. A bi tsawonta, ta tsakiyar takun, yadda za a ga haƙoranta suna hawa daga daɓe zuwa daɓe tare da bakin ramin da putur. In aka yanka ta a gicciye, abin da za a gani ɗan guntun kankare ne yana rataye a iska, ba tsayin taki, ba gangare. Bayan layin ya wuce matakala, ka bi da shi ta cikin ƙofa da taga maimakon bango tsagwaronsa, domin ta haka ne magini zai ga tsayin gindin taga, da tsayin ƙofa, da inda lintar za ta zauna. Kada layin ya kwanta a cikin bango ya bi tsawonsa, kada kuma ya ratsa ginshiƙi, domin in ya yi haka takardar za ta cika da baƙi, mai karatu ya ɗauka akwai katanga a wurin da babu. A naka filan, layin da ya bi matakala zai ci karo da bangon baya a wurin da babu taga, alhali tagar tana kamar mita ɗaya a gefe. An yarda ka karya layin, ya yi kwana a tsakiyar fili inda babu komai, ya koma ya bi ta tagar, muddin ka nuna kwanar a filan. Ba a yin kwanar nan a cikin bango ko a tsakiyar takun matakala.

Sannan ka zaɓi ɓangaren da za ka kalla, domin in an yanka gida biyu, rabi ɗaya ake jefarwa a dubi ɗayan, kuma kibiyoyin da ke bakin layin su ne ke faɗin wanne aka riƙe. Na ga ka sa ɗan sito a ƙarƙashin matakala. Ka juya kibiyoyin su kalli ɓangaren da ƙofarsa take, za ka ga wani abu da filan ya yi shiru a kansa: ƙofa mai santimita 210 ba za ta shiga ƙarƙashin matakalar nan ba sai daga wajen taki na 14 zuwa sama, saboda kaurin kankaren da ke ɗauke da takun. Inda ka sa ta yanzu, kusurwarta ta sama tana cikin matakala. Ka rubuta A-A a bakin layin, ka maimaita shi a wuri ɗaya daidai a filan na ƙasa da na sama. Abin da wuƙa ta yanka ka ja shi da layi mai kauri, abin da ake hange a baya da siriri. Ka ɗauki daɓen ƙasa a matsayin ±0,00, ka rubuta +2,80 a cikin putur, +3,00 a cikin dal, +3,24 a daɓen sama, kuma ka yi zanen a ma'aunin 1/50 domin alƙaluman su samu wurin zama. A kup tsayi ake rubutawa, faɗin ɗakuna ka bar wa filan.

Gidan yana bukatar kup na biyu, B-B, wanda zai gicciye na farko, ya taso daga titi ya bi ta ƙofar gida da tsakar gida da baranda. A zanenka ƙasa miƙaƙƙen layi ce kamar an ja da rula, kuma ban taɓa ganin fili irin wannan a Garwa ba. Ka ari tiyon ruwa wurin magini ka auna ainihin tsayin titi da na tsakar gida, domin ruwan Agusta ba ya duba takarda, in titi ya fi tsakar gida tudu, ciki zai kwararo. Wannan layin kuma ya yanki rufi ta inda kwano yake gangarawa, a ga inda ruwa zai taru a bayan katangar rufi da yadda zai kai indararo. Wannan ba na gaggawa ba ne kamar na matakala, amma ka gama shi kafin a sa hannu a rufi.

Mu koma kan gyara. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsawaita ramin. Domin a samu mita 2 a ƙarƙashin putur, dole ya tsaya a kan takin da bai wuce santimita 80 ba, wato taki na huɗu mai santimita 72, inda ratar za ta zama 208. Wannan yana nufin ramin ya tashi daga mita 2 da rabi ya koma mita 3 da santimita 70, kuma ƙarin santimita 120 ɗin daga ɗakin sama da ke kusa za a ciro su, don haka dole kawunka ya sani ya kuma yarda. Hanya ta biyu ita ce a ɓoye putur ɗin cikin kaurin dal, a faɗaɗa shi ya daina leƙowa, sai ramin mita 3 da santimita 40 ya wadatar. Ta uku ita ce a naɗe matakalar gida biyu, taki tara, wurin hutawa mai mita ɗaya, sannan taki tara, amma wannan yana son faɗin da ya haura mita 2, kuma bangayen ƙasa sun riga sun tashi, ga alama sai an rushe ɗaya. Ni ta farko nake ganin ta fi dacewa da inda aikin ya kai. Duk wadda aka zaɓa, matsar da putur ko canja siffarsa yana canja yadda nauyin dal yake sauka a kan ginshiƙai, kuma wannan hukuncin injiniyan da ya lissafa rodi ne. Kada kai ko magini ku yanke shi a tsaye a wurin aiki. Ka kai masa sabon kup ɗin kafin Asabar.

Akwai wata dabara da wani zai kawo, kuma ina roƙonka ka ƙi ta, wato a miƙar da matakalar tsaye domin ta shiga ramin yadda yake. Na gwada lissafin: ko an mai da ita taki 16 masu tsayin santimita 20 da 'yan kai, faɗi 22, ramin da za ta nema ya kai santimita 265, har yanzu bai isa ba. An ɓata matakala ke nan ba a kuma tsira daga putur ba, alhali a gidan nan akwai tsohuwa da za ta hau da buta a hannu, akwai mai goyo da za ta sauko da kwanon abinci.

Game da mutanen biyu kuwa, ka fahimci kawunka. Wanda ya sayi siminti da rodi, yana biyan hayar katako da leburori kullum, duk ranar da aiki ya tsaya zuciyarsa takan tafi ga zargi, kuma kare ka da yake yi ƙauna ce. Shi kuma dattijon, da kuɗi yake nema, da shiru ya yi ya zuba kankare yadda takarda ta ce, bayan an cire katako a kira shi ya fasa, a biya shi sau biyu. Ya zaɓi ya tsaya a lokacin da gyaran bai wuce cire 'yan katakai da jera urdi ba, ya kuma jawo wa kansa baƙin jini a kan haka. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa, kuma shi ya yi maganarsa a ranar da ta dace. Mutumin da ya yi shekaru yana hawa benaye marasa makari yana ɗauke da kup a cikin kansa, ko da bai taɓa jan layinsa a takarda ba.

Saboda haka kada ka bari a kai Asabar. Ka sami kawunka shi kaɗai, bayan magariba in ya huta, ka shimfiɗa masa sabon zanen, ka ɗora yatsa a kan taki na takwas ka ce, "Kawu, na sake aunawa, na ga abin da Baba magini ya gani, kuma daga wurina giɓin yake." Ka faɗi laifin a jimla ɗaya, kada ka tsawaita neman gafara, ka wuce kai tsaye ga gyaran da abin da zai ci, domin abin da mai gini yake son ji ke nan. Zai yiwu ransa ya ɓaci na ɗan lokaci, ka yi haƙuri da shi. In kuwa kana jin nauyin fuskantarsa kai kaɗai, ka fara zuwa wurin dattijon da sassafe kafin leburori su taru, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na zo ka nuna mini," sannan ku je wurin kawu tare da magana ɗaya a bakinku.

Ranar Asabar ɗin kuma ka je da gawayi, da mita, da gora mai tsawon mita 2 cif. Ku zana matakalar da girmanta na gaskiya a jikin bangon da za ta jingina, taki bayan taki, 18 a tsaye, 27 a kwance, kamar yadda maginan kirki suke yi kafin su buga katakon matakala. Wannan ma kup ne, sai dai a bango aka yi shi. Ka miƙa wa kawunka gorar ya ɗora gindinta a kan layin taki na huɗu, ya ga ta tsaya ƙasa da tsayin cikin putur, sannan ya matsa da ita zuwa na biyar, inda kanta zai fara haura shi, har ya kai na takwas. Daga nan ku ja layi a katakon dal daidai kan taki na huɗu, inda sabon bakin ramin zai tsaya in injiniya ya amince. In an zuba dal an cire katako, ka rubuto mini ka gaya mini santimita nawa kuka samu a ƙarƙashin putur ɗin, ka kuma haɗo da B-B in duba maka shi.